Takardar Sallamar Yaron da Ya Yi Jinyar Maleriya Mai Tsanani: Me Likitan Ƙaramin Asibiti Yake Buƙatar Gani?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni sabon likita ne a ɗakin yara. Muna da yarinya 'yar shekara uku da aka kwantar saboda maleriya mai tsanani, ta zo da jijjiga da suma, har sai da aka yi mata ƙarin jini. Yanzu ta samu sauƙi, an ce in rubuta takardar sallama zuwa ga likitan ƙaramin asibitin da zai ci gaba da duba ta. Me ya kamata in sa a ciki, me kuma zan bari?

Amsa: Likita, kafin ka ɗora alƙalami a kan takarda, ka kawo hoton wanda zai karanta ta a zuciyarka. Mutum ne da layin marasa lafiya ke jiransa a ƙofa, ba shi da fayil ɗin yarinyar, bai ga halin da ta zo a ciki ba, kuma mai yiwuwa abin da yake da shi na gwaji bai wuce tsinken gwajin maleriya na nan-take da na'urar auna yawan jini ba. Ranar da zai buɗe takardarka da gaske ita ce ranar da uwar ta dawo masa da yarinyar jikinta da zafi, ko tafin hannunta ya yi fari fat, ko ta ce tun da aka sallame su yarinyar ba ta tafiya daidai. A wannan ranar tambayoyi uku ne za su taso masa: shin wannan abin sabo ne ko da shi aka sallame ta, wane magani ta riga ta sha, kuma zai iya riƙe ta ko ya mayar da ita babban asibiti? Duk jimlar da ba ta taimaka masa wajen amsa ɗaya daga cikin ukun nan ba, wurinta yana cikin fayil, ba sai ta shiga takardar ba.

Tun da ba ka kawo alƙaluman yarinyarka ba, bari in ɗauki misali mai kama da nata mu bi shi tare. A ce nauyinta kilo 12, an kwantar da ita daren Litinin 2 ga Satumba, za a sallame ta da tsakar ranar Juma'a 6 ga wata. Nauyin nan ka rubuta shi a saman takardar tare da shekarunta da ranakun kwanciya da sallama, domin kowane magani da za a ba ta daga baya da kilo ake lissafa shi, kuma nauyin ranar sallama shi ne abin da za a gwada da na mako biyu masu zuwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a rubuta "maleriya mai tsanani" a tsaya nan. Kalmar tsanani ba ta gaya wa mai karatu komai ba sai an faɗi abin da ya sa aka kira ta haka, domin yaron da ya kasa zama kawai saboda galabaita da wanda ya yi kwana biyu a sume duk suna ƙarƙashin wannan suna, alhali bibiyarsu ta sha bamban. Ga yadda zan rubuta tata: "Maleriya mai tsanani wadda ta taɓa ƙwaƙwalwa, an tabbatar da ita a madubin ɗakin gwaji, ƙwayar cutar ta kama kashi 8 cikin ɗari na jajayen ƙwayoyin jini. Ta zo a sume, maki 2 cikin 5 a ma'aunin Bilantaya, bayan jijjiga sau uku cikin awa 24. Haimogulobin giram 4.3 a desilita, sukarin jini milimol 1.9 a lita." A layi huɗu likitan ya san cewa abubuwa uku ne suka haɗu mata, wato suma da ƙarancin jini mai tsanani da faɗuwar sukari, kuma kowanne da lambarsa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, makin Bilantaya ƙasa da 3 shi ne suma ta gaske, haimogulobin 5 ko ƙasa shi ne ƙarancin jini mai tsanani ga yaron da bai kai shekara 12 ba, sukari kuma ƙasa da 2.2. Ba sai ka koya masa waɗannan ba, amma ka ba shi lambobin da zai gwada da su. Ka kuma faɗi abin da aka nema ba a samu ba idan yana da nauyi: an ɗebi ruwan ƙashin baya, babu alamar sanƙarau; gwajin ƙoda ya fito lafiya; ba ta yi fitsarin jini ba. Jimla ɗaya ta wadatar.

Daga nan sai magani, kuma a nan ne nake so ka rubuta awa tare da rana. Allurar atesunet ta jijiya ga yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ce ga kowane kilo, saboda haka tata miligiram 36 ce a kowane zagaye. Ana yin ta a awar farko, da bayan awa 12, da bayan awa 24, sannan sau ɗaya a rana har sai yaro ya iya haɗiyar magani. Ita ta samu huɗu: ƙarfe 10 na daren 2 ga wata, ƙarfe 10 na safe da 10 na daren 3 ga wata, da ƙarfe 10 na daren 4 ga wata, domin sai da asubar Alhamis ta farfaɗo sosai har ta iya sha. Ranar allurar farko tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin daga ita ake ƙirga ranakun bibiya da zan zo kansu. Sauran abubuwan ka taƙaita su: an ba ta ruwan sukari mai kashi 10, mililita 60, sukarin bai sake faɗuwa ba, dayazifam miligiram 6 ta dubura sau ɗaya, jijjiga ta ƙarshe da safiyar 3 ga wata, ba a sallame ta da maganin jijjiga ba, ƙarin jini mililita 240 sau ɗaya ranar 3 ga wata ba tare da wata matsala ba, seftiriyazon na kwana huɗu, an tsayar da shi ranar 5 ga wata. Yawan ruwan da aka ɗaura mata kowace awa da zafin jikinta na kowace safiya ba su da wuri a wannan takarda.

Allurar ba ita ce ƙarshen magani ba, kuma nan ne yara da yawa suke faɗawa tsakanin asibiti biyu. Atesunet yana rage ƙwayar cutar da sauri amma ba ya daɗewa a jiki, don haka dole a biyo shi da cikakken zagayen maganin sha na kwana uku, ba tare da an rage komai ba don an yi allura. Atimita-lumefantirin sau shida ake sha, kuma ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya ce mai ƙarfin 20/120 a kowane sha. Idan ka rubuta "ta ci gaba da maganin maleriya", ka bar ƙofa biyu a buɗe: ko uwar ta daina bayarwa don ta ga yarinya ta tashi tana wasa, ko likitan ya sake ɗora sabon zagaye tun daga farko. Abin da ya kamata ya gani shi ne: "Ta fara atimita-lumefantirin ƙarfe 8 na safiyar Alhamis 5 ga wata. Ta sha uku a gabanmu. Saura uku: daren yau ƙarfe 8, sai gobe Asabar ƙarfe 8 na safe da 8 na dare. An ba mahaifiyar ƙwayoyin a hannu, an nuna mata ta haɗa da nono ko abinci mai ɗan maiƙo, kuma ta sake bayarwa idan yarinyar ta amayar da shi cikin rabin awa." Maganar maiƙon ba ado ba ce, domin lumefantirin ba ya shiga jini sosai idan ciki babu komai, kuma shi ne ɓangaren da ke share ragowar ƙwayar cutar.

Yanzu ga sakin da na fi ba nauyi, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: halin da take ciki ranar sallama. "Ta samu sauƙi" ba bayani ba ne. Likitan yana buƙatar abin da zai aza ganinsa na gaba a kai, kuma ba shi da inda zai same shi sai a wurinka. Ka rubuta haimogulobin uku a jere da ranakunsu, misali 4.3 ranar kwanciya, 7.4 bayan ƙarin jini, 7.1 ranar sallama. Dalilin a bayyane yake: idan ya auna bayan mako guda ya samu 6.8, wanda ya san an sallame ta da 7.1 zai sa ido ya sake aunawa, wanda bai sani ba kuwa zai iya ruɗewa ya tura ta cikin dare, ko kuma, abin da ya fi muni, ya samu 6.0 a jikin yaron da aka sallama da 9 ya ɗauka dama haka take. Ka rubuta ranar da zazzaɓi ya sauka da ranar da madubi ya daina nuna ƙwayar cutar. Ka rubuta girman saifa da santimita idan tana taɓuwa, da ko idonta ya yi shawara.

Ga yarinyar da ta yi suma, sai ka duba ƙwaƙwalwarta da gangan a ranar sallama, ka rubuta abin da idonka ya gani. Ka miƙa mata wani abu ka ga ko tana bin sa da ido ta kai hannu, da wane hannun take kaiwa. Ka sa a kira sunanta daga bayanta ka ga ko ta waiwayo. Ka sa ta taka daga gado zuwa wurin uwarta. Ka tambayi uwar ko maganarta ta dawo kamar da. Sannan ka rubuta kamar haka: "Tana gani, tana ji, tana gane mahaifiyarta, tana faɗin kalmomi ɗai-ɗai amma ba ta koma haɗa jimla kamar kafin ciwon ba. Tana tafiya da ɗan tangaɗi, ƙarfin hannaye da ƙafafu daidai yake a ɓangarorin biyu." Wasu daga cikin yaran da maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa suna fita da raunin gani ko ji ko magana ko shanyewar ɓarin jiki, da yawansu suna warwarewa a hankali cikin watanni, wasu kuma farfaɗiya ko sauyin hali kan bayyana musu daga baya. Idan ka rubuta tangaɗin nan, likitan zai san cewa raguwarsa ake jira. Idan ba ka rubuta ba, ranar da ya gan shi ba zai san ko sabuwar matsala ce ta taso ba.

Abin da ya fi cancantar ka yi masa bayani, ko da jimla biyu ne, shi ne fashewar jajayen ƙwayoyin jini da kan biyo bayan atesunet. Yadda abin yake: maganin yana kashe ƙwayar cutar tana cikin jan ƙwayar jini, saifa ta cire matacciyar ta mayar da jan ƙwayar cikin jini, amma wadda aka mayar ɗin ba ta da tsawon rai kamar lafiyayya. Idan waɗanda cutar ta kama suna da yawa, kamar kashi 8 ɗin nan, sai su mutu kusan lokaci guda, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 21 bayan fara allura, a daidai lokacin da kowa ya saki jiki cewa yarinya ta warke. Alamominsa fari a tafin hannu da cikin ido, shawara, fitsari mai duhu, kasala da saurin numfashi, wani lokaci har da zazzaɓi. Saboda haka kada ka rubuta "a riƙa duba jininta". Ka rubuta ranakun: a auna haimogulobin ranar 9, da 16, da 23, da 30 ga Satumba, wato kwana 7, 14, 21 da 28 daga allurar farko. Sannan ka yanke masa iyaka da lamba. Ni abin da nake rubutawa shi ne a dawo da ita a ranar idan ya sauka ƙasa da 6, ko ya ragu da fiye da giram 1 daga awon da ya gabata, ko aka ga shawara ko fitsari mai duhu ko wahalar numfashi komai lambar da na'ura ta nuna. Wannan iyakar tawa ce, ka tambayi shugaban sashenku wadda suka saba da ita, amma kada takardar ta fita babu iyaka.

Da wannan akwai tarkon da ya taɓa kama mu. Tsinken gwajin nan-take da aka fi amfani da shi yana gano wani furotin ne da ƙwayar cutar ke saki, wanda ake rubuta sunansa HRP2 a jikin kwalin, kuma wannan furotin yana iya zama a jini makonni bayan an kashe cutar. Na tuna wani yaro da muka sallama daga wani asibiti da na yi aiki, takardarsa ba ta ce komai a kan wannan ba. Ya koma ƙaramin asibiti a rana ta goma sha biyu da ɗan zazzaɓi da kasala, tsinke ya nuna layi biyu, aka ba shi sabon zagayen maganin maleriya aka ce su je gida. Bayan kwana biyu aka kawo mana shi jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, madubi kuma bai nuna ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Ya rayu bayan ƙarin jini, amma laifin na takardarmu ne, domin likitan ya yi aiki da abin da ke gabansa. Tun daga lokacin nake sa irin wannan jimlar a kowace takarda: "Gwajin tsinke zai iya ci gaba da nuna maleriya har makonni. Idan ta yi zazzaɓi kafin 30 ga Satumba, a duba jini a madubi, a auna haimogulobin, a kuma nemi wani dalilin zazzaɓin." Idan madubi ya nuna ƙwayar cutar da gaske cikin kwana 28, ana ɗaukarsa a matsayin maganin farko bai ci ba, sai a sauya zuwa wani haɗin na daban, kuma wannan ne ya sa dole ya san sunan wanda ta sha. Bayan kwana 28 ana ɗaukarsa sabon kamu. Idan ka san ba su da madubi, ka ce a turo ta.

Yaran da aka kwantar da ƙarancin jini mai tsanani suna cikin haɗarin sake kwanciya ko mutuwa a watannin farko bayan sallama, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba su maganin kariya bayan sallama a yankunan da maleriya ke yaɗuwa sosai. A binciken da aka yi a Kenya da Uganda, an ba yaran dihaidiro'atimisinin-fiferakwin na kwana uku a mako na 2, da na 6, da na 10 bayan sallama. Idan tsarin ƙasarku ya karɓi wannan, ka mayar da makonnin ranaku: 20 ga Satumba, 18 ga Oktoba, 15 ga Nuwamba, ƙwaya ɗaya mai ƙarfin 40/320 kowace rana har kwana uku ga mai nauyinta, kuma shi wannan ba a haɗa shi da abinci mai maiƙo sosai, saɓanin na farko. Ka faɗi wanda zai bayar da maganin, ku ko su. Idan ba a yin sa a wurinku, kada ka rubuta shi kamar umarni ga wanda ba shi da maganin a kantarsa.

Sai sakamakon da bai fito ba, wanda shi ne ya fi saurin ɓata a hanya. Gwajin neman bakteriya a jininta bai nuna komai ba a awa 48, amma na ƙarshe bai fito ba tukuna. Gwajin sikila an ɗebi jininsa kafin ƙarin jini, ana jiransa. Ka rubuta "kafin ƙarin jini" a fili, domin bayan an ƙara wa yaro jinin wani, gwajin zai iya ɓoye sikila har kusan wata uku, kuma idan ba a ɗeba da wuri ba, sai ka ce a jinkirta shi zuwa Disamba. Ga kowane sakamako ka faɗi wanda zai bi shi da ranar da zai kira: "Ni zan karɓi sakamakon biyu, zan kira asibitinku ranar Litinin 9 ga wata." Maganin ƙarin jini na sinadarin ƙarfe ya rataya a kan wannan, domin ba a ba mai sikila shi haka kawai. Saboda haka ka rubuta cewa a fara shi bayan ta gama maganin maleriya kuma an tabbatar ba ta da sikila, miligiram 3 na zallar sinadarin ga kowane kilo a rana, wato kusan 36, har wata uku.

Game da tsari, ni nakan sa abin da nake roƙon likitan ya yi a saman takardar, nan da nan bayan sunan ciwon, labarin jinya kuma ya biyo baya, domin idan sakin layi ɗaya kawai zai samu karantawa, gara ya zama wannan. Ka guji gajerun haruffan da ɗakinku kaɗai ya san ma'anarsu, ka rubuta sunan magani na asali, kada ka sa sunan kamfani, kuma ka yi ƙoƙari komai ya shiga shafi ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka yi masa magana kamar abokin aiki: "Muna roƙon ka auna", "Za mu so a dawo mana da ita idan". Ka rubuta ranar da za ta dawo asibitinku don a sake duba tafiyarta da maganarta da jinta, misali bayan mako huɗu, don kada kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ne ke yi.

A ƙasa ka rubuta abin da aka gaya wa iyaye, da kalmomin da aka gaya musu: su kawo ta nan take idan ta yi jijjiga, ko barci ya yi mata nauyi har ta ƙi tashi, ko ta kasa sha, ko tana amayar da komai, ko numfashinta ya yi sauri, ko ta yi fari, ko fitsarinta ya yi duhu, kuma ta riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a fayil, ɗaya a hannun uwar, ka sa sunanka a rubuce yadda zai karantu da lambar wayar sashen da ake ɗagawa har da dare. Kafin su fita, ka zauna da uwar ka karanta mata ranakun, ka sa ta maimaita maka ƙwayoyi nawa suka rage da ranar da za ta fara zuwa a auna jinin. Idan ta ce Litinin, kuma ta nuna maka ƙwayoyi uku a hannunta, sai ka sa hannu.